Yadda za ka karanta fulan ɗin gida ka fidda girman ɗakuna da bulo da tayil da kanka

Da yawanmu in mai zane ya miƙo mana fulan ɗin gida abin da muke dubawa kawai ɗaki nawa ne, ina falo yake, banɗaki a ciki yake ko a waje, shi kenan sai mu miƙa wa birkila mu ce malam nawa za a kashe. Shi kuma ya kalli sama ya ce a kawo bulo dubu biyu tukunna a fara, kai ba ka da bakin cewa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Alhali lambobin nan da ke jikin takardar sun ishe ka ka fidda lissafinka da kalkuletar waya, in dai ka san kowace lamba daga ina zuwa ina take aunawa. Nan ne duk rikicin yake.

Zan yi misali da ƙaramin gida, ciki da falo da kicin da banɗaki, irin wanda ake yi wa ango a gefen fili ko na haya. In ka iya wannan, mai ɗaki huɗu ma hanyar ɗaya ce sai dai yawan lissafi.

Fara da sanin me kake kallo

Fulan ba hoton gida daga sama ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Ka ƙaddara an sa wuƙa an yanke gidan a kwance wajen tsayin ƙirjin mutum, mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa, an ɗauke na saman an ajiye gefe, kai kuma kana leƙawa ciki. Shi ya sa ake ganin tagogi da ƙofofi a jiki, don yankan ta kansu ya bi. Duk abin da yankan ya ratsa, wato bango da fila, ginshiƙin kankare kenan, da layi mai kauri ake zana shi. Abin da ke ƙasa da yankan kamar sinkin kicin ko masai, layi siriri. Abin da ke sama da kanka kuma, irin bim, wato kankaren da ke kwance a sama yana ɗaukar nauyi, ko bakin rufin kwano da ya zarto bango, da layi mai tsinke-tsinke ake nuna shi.

Bango layi biyu ne a jere, tazarar da ke tsakaninsu ita ce kaurinsa. Za ka ga na waje ya fi kauri, yawanci 225, shi ne bulo inci tara. Na ciki masu raba ɗakuna 150, inci shida. Ƙofa kuwa za ka ga bangon ya yanke, an ja layi ɗaya a miƙe da wani lanƙwasasshe kamar kwatan da'ira. Miƙaƙƙen shi ne ƙyauren, lanƙwasasshen yana nuna inda zai bi in an buɗe, don haka duk abin da ya faɗa cikin wannan lanƙwasar ba a ajiye kaya a wurin. Taga ita ma yankewar bango ce amma da siraran layuka biyu ko uku a ciki. Ƙaramin murabba'i baƙi ƙirin a kusurwa ko tsakiyar bango fila ce ta kankare da rodi. Matakala layuka ne a jere da kibiya, kan kibiyar yana nuna wajen hawa.

Kusa da ƙofofi za ka ga D1, D2, tagogi kuma W1, W2. Waɗannan sunaye ne kawai, girmansu yana cikin wani jadawali a gefen takardar ko a wani shafin. In ba a ba ka jadawalin ba ka nema, ba a iya lissafin bulo ba shi.

Akwai kuma kibiyar arewa, yawanci da harafin N. Mutane na tsallake ta amma wallahi tana da amfani, don da ita za ka san wane ɗaki ne zai sha ranar yamma, wanda a watan Afrilu ba ya kwantuwa da dare saboda bangon ya ɗau zafi. Kuma da ita za ka duba masai bai fuskanci alƙibla ba bai kuma ba ta baya ba, tunda a nan arewa alƙiblarmu gabas ce ta ɗan karkata arewa. Gyara wannan a takarda minti biyar ne, bayan an binne fayif kuwa sai fasa daɓe.

Sikel, da dalilin da ya sa ba a yarda da rula

A ƙasan takardar ta dama akwai akwati mai sunan aikin da na wanda ya zana da kwanan wata, a nan za ka ga an rubuta 1:100 ko 1:50. Ma'anar 1:100 ita ce duk santimita ɗaya a takarda santimita ɗari ce a ƙasa, wato mita ɗaya. A 1:50 kuma santimita biyu ne mita ɗaya, zanen ya fi girma kenan, an fi ganin ƙananan abubuwa.

To amma ga matsalar. Wannan sikel ɗin gaskiya ne kawai in an buga takardar a girman da aka zana ta. Mu kuma me muke yi, a turo PDF ta WhatsApp mu je shagon hoto-kwafi a buga mana a A4 don ya fi araha, alhali a A3 aka zana. Takardar ta tsuke zuwa wajen kashi 71 cikin ɗari amma rubutun 1:100 yana nan bai canza ba. Ka sa rula ka auna ɗakin mita 3.6 ka samu santimita biyu da rabi, ka ce mai zane ya yi maka kurkuku.

Gwajin mai sauƙi ne. Nemi lamba mafi tsawo da aka rubuta a jikin zanen, a misalinmu faɗin gidan 8400 ne. In sikel 1:100 ne dole rula ta ba ka santimita 8.4. In ta ba ka wajen 5.9 to an rage takardar. Doka ɗaya ce a nan kuma duk masu zane sun yarda da ita: lambar da aka rubuta ita ce gaba da abin da rula ta auna. Rula sai inda ba a rubuta komai ba, nan ma don ka samu kimantawa ne, ba don a ja igiya a haƙa da ita ba. In wurin mai muhimmanci ne ka kira mai zanen ya ba ka lambar.

Lambobin kansu

Lambobin yawanci milimita ne ko da ba a rubuta ba. 3600 na nufin mita 3.6, ka raba da dubu kawai. Birkila kuma da ƙafa yake magana, to ƙafa ɗaya milimita 305 ce, amma a wajen gini ana ɗaukarta 300 don sauƙi. Don haka 3600 shi ne abin da ake ce wa ƙafa sha biyu, 3000 ƙafa goma, 4200 ƙafa sha huɗu. Ka lura dai ƙafa sha biyu ta gaskiya 3658 ce, ta ɗara 3600 da kusan santimita shida. In an zana da milimita to a auna da gefen milimita na tef, kar a bari wani ya juya tef yana auna wani ɗaki da ƙafa wani da mita, a ƙarshe bangaye su ƙi haɗuwa a kusurwa.

A gefen zanen za ka ga layukan awo jere biyu ko uku. Na can waje lamba ɗaya ce, tsawon ginin gaba ɗaya. Na tsakiya ya rarraba shi bango, ɗaki, bango, ɗaki. Na kusa da gini yana nuna inda taga da ƙofa suka fara da inda suka ƙare. Kowace lamba tana tsakanin 'yan alamomi biyu, ɗan karkataccen layi ko ɗigo ko kan kibiya, ka bi alamar da ido har jikin zanen ka ga a ina ta sauka.

Ga na gidanmu. Ta gaba an rubuta 225, 4200, 150, 3600, 225. Wato bangon waje, falo, bangon tsakiya, ɗaki, bangon waje. Abu na farko da za ka yi ka tara su: 225 da 4200 da 150 da 3600 da 225 ya ba da 8400, daidai da lambar waje. Ta gefe kuma 225, 3600, 150, 1800, 225, jimla 6000. In ka tara bai yi daidai da lambar waje ba to akwai kuskure a zanen, kuma yana faruwa sosai musamman in an yi ta gyare-gyare mai gida ya ce a ƙara wa falo a rage wa kicin. Kar ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi, ka mayar a gyara.

Kenan falo 4200 ne da 3600, ɗaki 3600 da 3600, kicin yana bayan falo 4200 da 1800, banɗaki yana bayan ɗaki 3600 da 1800.

Yanzu inda mutane suka fi faɗawa rami. Wasu zanukan, musamman na injiniya mai lissafin rodi, ba daga fuskar bango zuwa fuskar bango suke aunawa ba, daga tsakiyar bango ne zuwa tsakiyar bango. Za ka gane su da dogayen layuka masu tsinke da ɗigo da suka ratsa ta cikin bango, a ƙarshensu da'ira mai A, B, C ko 1, 2, 3. In 3600 ɗin nan tsakiya zuwa tsakiya ne, sai ka cire rabin kowane bango: rabin 225 wato 112.5, da rabin 150 wato 75. Abin da ya rage cikin ɗakin 3412 ne, ka ga an ci kusan santimita 19 kenan. A takarda kamar ba komai, amma gadon amarya mai ƙafa shida yana cin wajen 1830 ban da allonsa da durowoyin gefe, wadirof na cin 600 daga bango, ga madubi, ga buɗewar ƙofa 900. Santimita sha taran nan ita ce za ta sa ranar jere 'yan uwan amarya su tsaya cirko-cirko an rasa inda za a sa wadirof.

Kuma ko fuska zuwa fuska ne, awon na bulo ne tsirara. Filasta za ta ci wajen 15 kowane gefe, ɗakin 3600 zai dawo 3570. Shi ya sa ba a ba kafinta awon kabad ɗin kicin daga fulan, sai an gama filasta ya zo da tef ɗinsa.

Tayil, shi ne mafi sauƙi

Faɗin ƙasa tsawo sau faɗi ne, a mita. Falo 4.2 × 3.6 = 15.12 sikwaya mita. Tayil mai sittin da sittin guda ɗaya yana rufe 0.6 × 0.6 = 0.36, kwalinsa yawanci guda huɗu ne wato 1.44, amma ka karanta jikin kwalin don kamfani ya bambanta. Ka ƙara kashi goma saboda yanka da fashewa, ya zama 16.63, ka raba da 1.44, ya ba ka 11.55, kwali 12 kenan tunda ba a sayar da rabi.

Sai dai akwai sikatin, ɗan tayil ɗin nan da ake zagaye gindin bango da shi, wanda kusan kowa ke mantawa. Zagayen falon 4.2 da 3.6 sau biyu, mita 15.6. Ƙofa uku ke buɗewa a falon, ta shigowa da ta ɗaki da ta kicin, kowacce 0.9, ka cire 2.7 saura 12.9. In sikatin ɗin santimita goma ne, tayil ɗaya zai ba da yanka biyar masu kyau, kowanne tsawon 0.6, mita uku kenan. Kana buƙatar tayil biyar. Ƙasan falon shi kansa bakwai ne a jere sau shida, guda 42, da biyar 47, kwali 12 kuma guda 48 ne. Guda biyu su fashe a Keke Napep ka shiga uku. Ni dai 13 zan saya, don in ka koma kasuwa bayan wata biyu ko ka samu irin zanen ba lallai kalar ta zo ɗaya ba. Ɗaki kuma 12.96 ne, da kashi goma 14.26, kwali 10, ka ɗora ɗaya don sikatin.

In mai tayil zai jera shi a karkace ko wurin yana da lungu-lungu, kashi goma ba ya isa, sa sha biyar.

Bulo

Nan fulan kaɗai ba zai ishe ka ba, don tsawo da faɗi kawai yake bayarwa, ba ya faɗin tsayin bango. A jikin fulan za ka ga wani layi ya ratsa gidan da kibiya a kowane ƙarshe an sa A da A. Nemi shafin da aka rubuta A-A, shi ne gidan an tsaga shi a tsaye, a nan za ka ga tsayi daga daɓe zuwa silin da zurfin fandesho. Namu 3000 ne, mita uku.

Fara da bangon waje, inci tara. Zagayen ginin 8400 da 6000 sau biyu, 28800. Amma in ka bar shi haka ka ƙirga kowace kusurwa sau biyu, don haka ka cire kaurin bango sau huɗu, wato 900, saura 27900, mita 27.9. Sau tsayi mita uku, 83.7 sikwaya mita.

Yanzu cire ramuka. Jadawalin ya ce D1 900 ne da 2100, wato 1.89, guda biyu ne a bangon waje, ta gaba da ta bayan kicin, 3.78. W1 1200 da 1200, wato 1.44, guda biyar, 7.2. W2 ta banɗaki 600 da 600, 0.36. Jimlarsu 11.34. Cire daga 83.7 saura 72.36.

Bulo nawa ne a sikwaya mita ɗaya? Fuskar bulo 450 ce da 225, ko inci tara ne ko shida, kauri ne kawai ya bambanta su. 0.45 × 0.225 ya ba da 0.101, kenan kusan goma ke cika sikwaya mita. In an sa kwaɓin siminti a tsakani ma ba ya kai goma, wajen tara ne, amma ana barin sa a goma don lissafi ya yi sauƙi kuma ya ba da ɗan rara. 72.36 sau goma 724. Ƙara kashi biyar na fashewa wajen lodi da saukewa, 760.

Bangon ciki, inci shida. Akwai dogo ɗaya da ya raba gaba da baya, tsawonsa 8400 a cire bangon waje biyu 450, saura 7950. Akwai wanda ya raba falo da ɗaki 3600, da wanda ya raba kicin da banɗaki 1800. Jimla mita 13.35, sau uku 40.05. Ƙofar ɗaki da ta kicin 1.89 kowacce, ta banɗaki D2 750 da 2100 wato 1.58, duka 5.36. Saura 34.7, bulo 347, da kashi biyar ka ce 365.

Dabarar da ke hana ƙirga bango sau biyu ita ce ka buga kwafi ɗaya na banza, ka riƙe biro ja, duk bangon da ka lissafa ka bi kansa da jan layi. Bangon da ke tsakanin ɗaki biyu sau ɗaya ake ƙirga shi a bulo, amma sau biyu a filasta da fenti tunda fuska biyu gare shi.

Wannan 760 da 365 daga daɓe ne zuwa sama, ba su haɗa da na cikin ƙasa ba. A ce shafin A-A ya nuna layi huɗu na inci tara daga kan kankaren fandesho zuwa daɓe, a ƙarƙashin duka bangaye. Tsawonsu 27.9 da 13.35, mita 41.25. Raba da 0.45, bulo 92 a kowane layi, sau huɗu 368. Amma wannan ya danganta da ƙasar wurin, filin da yake gangare ko fadama zai ci fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma injiniya ne zai faɗa bayan ya ga ramin. Ta ɗaya ɓangaren kuma in linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, za ta zagaye gidan gaba ɗaya, ta cinye layin bulo ɗaya, a bangon waje kaɗai wajen bulo sittin kenan da ba za a sa ba. Ni ba na cire su, ina barinsu a matsayin rara, don kwano in mai tudu ne akwai 'yan layukan da za a ɗora a sama, ga matakalar bakin ƙofa.

Ka ga kenan duka-duka inci tara wajen 1130, inci shida 365. Wanda ya ce maka dubu biyu sai ka tambaye shi cikin girmamawa, Malam ragowar ɗari biyar ɗin ina za su, katanga ce ko sokawe? Wataƙila yana da amsa mai kyau, don waɗannan biyun ba sa cikin fulan ɗin ɗaki, suna shafin da ke nuna filin gaba ɗaya.

Abu ɗaya da zai iya rushe lissafin nan duka shi ne girman bulon. Ba kowane gidan bulo ne ke buga 450 da 225 cikakke ba, wasu injinansu sun rage. Kafin ka biya ka je da tef ka auna guda uku daga wurare daban-daban a cikin jerin. In tsawon 400 ne da tsayi 200, fuskar 0.08 ce, sikwaya mita zai ci sha biyu da rabi maimakon goma, arahar da aka yi maka ta tafi kenan.

Siminti kuwa kimantawa ce

A nan lissafi ba ya zama cif kamar na tayil, don ya danganta da hannun birkila da irin yashi. Abin da aka saba, buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗora bulo inci tara wajen hamsin, inci shida wajen sittin ko sama da haka kaɗan. Namu 1130 a raba da 50 buhu 23, 365 a raba da 60 buhu shida, ka ce talatin na ɗora bulo kaɗai, ban da kankaren fandesho da fila da linta da daɓe. In ka ga buhu ɗaya ya ɗora tamanin kar ka yi murna, yashi aka cika, ka sa farce a kwaɓin bayan kwana biyu za ka ga yana zubowa.

Filasta ana kimanta buhu ɗaya a kan sikwaya mita goma in bangon ya miƙe. Cikin falonmu zagaye 15.6 sau uku 46.8, cire ƙofa uku 5.67 da taga biyu 2.88, saura 38.25, buhu huɗu. In birkila ya karkatar da bango mai filasta zai cike da kauri, sai huɗun ta zama shida. Wannan 38.25 ɗin dai shi za ka kai wa mai fenti, ka duba jikin bokiti lita ɗaya sikwaya mita nawa take shafewa, ka ninka biyu don shafa biyu ake yi, kuma sabuwar filasta tana shan fenti fiye da abin da aka rubuta.

Rodi kuma kar ma ka gwada fidda shi daga wannan fulan, yana da nasa zanen daban na injiniya mai nuna kaurin kowane rodi da tazararsa, in bene za ka yi ko rufin kankare to wannan zanen dole ne a same shi kafin a sayi ko tsinke ɗaya.